Yadda Na Fitar da Alkakin Kaka Daga Takardar da Ta Koɗe

Bayan rasuwar Kaka, Allah ya jiƙanta, da aka zo raba kayan ɗakinta a Zariya, cikin wata tsohuwar kumbo muka tsinci kwalin. Bayan kwalin sabulu ne aka yanke, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, an ninke shi huɗu. A saman an rubuta "Alkaki na gara" da shuɗin biro, a ƙasa kuma layi takwas. Kaka ta koyi boko ne da girmanta a ajin Yaƙi da Jahilci, shi ya sa rubutunta manya ne, kowane harafi tsaye shi kaɗai kamar an dasa. Amma shekaru sun ci tawadar, mai ya ɗiga a gefe guda, wajen ninkin kuma takardar ta sule har ta yi fari. Ni aka danƙa wa, don ni ce take tsokana da "kishiyata", kuma ni ce mai kwamfuta.

Na ɗauka aikin rabin awa ne. Sati uku ya ci. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da na bi, don duk mai irin wannan takarda a gida ya iya bin ta, ko da girkin nasa ba alkaki ba ne.

Kafin ki karanta komai, ki ɗauki hoto

Hannu yakan yi ƙaiƙayin gyara, to a nan ake ɓarna. Kada ki bi kan rubutun da sabon biro don ya fito. Da zarar kin yi haka, abin da kika zata ya rufe abin da ta rubuta, ba kuma mai sake ganin na asali. Kada ki manna salatif a wajen ninki, gam ɗinsa yana rikiɗa ya koma ruwan ƙasa ya ci tawada. Kada kuma ki kai shago a rufe ta da roba mai zafi, don ba a iya ɓare ta daga baya.

Ki wanke hannu ki busar, ki buɗe takardar a hankali kan farin mayafi ko farar takarda, a inuwa da hantsi, inda akwai haske amma rana ba ta dukanta. Ki riƙe waya sama da ita daidai, ba a karkace ba, ki kashe fitilar kyamara. Hoto ɗaya na dukan takardar, sannan kowane layi nasa hoton daga kusa. Ki juya ki ɗauki bayan ma, ko da kina ganin ba komai. A bayan tamu akwai wani ɗan lissafin adashi, kuma shi ya warware mana babbar gardama daga baya.

Da dare kuma akwai dabara ta biyu. Ki kashe fitilar ɗaki, ki kwantar da tocila a gefen takardar, haskenta ya bi ta kwance. Biro yana barin kwari a jikin kwali ko da tawadar ta tafi, kuma hasken da ya zo ta gefe yana jefa inuwa cikin kwarin nan, sai harafin ya bayyana. Ki zagaya da tocilar ta ɓangarori huɗu kina ɗauka, don layin da ya tafi tsaye yana fitowa ne idan hasken ya zo daga hagu ko dama, wanda ya kwanta kuma sai hasken ya zo daga sama ko ƙasa. Bayan haka ki mayar da hotunan baƙi da fari a waya, ki ƙara musu duhun rubutu kaɗan kaɗan. Idan kika ƙara da yawa, ɗigon datti zai koma kamar harafi. Wurin da mai ya jiƙa kuwa takarda takan zama shara-shara, to ki sa farar takarda a ƙarƙashi ki gwada, ki sa baƙa ki gwada, ɗaya a ciki za ta fi nuna miki.

Kwafin farko: abin da ido ya gani kawai

Yanzu ki zauna ki buga, amma ba girke-girke kike rubutawa ba tukuna. Kwafi kike yi, layi da layi, da kuskurenta da komai. Inda ta rubuta "kwai" babu lanƙwasa, ki bar shi haka. Inda ba ki da tabbas, ki sa baka mai kusurwa ki rubuta abin da zai iya zama. Inda ba ki ga komai ba, ki sa ɗigo-ɗigo ki ƙiyasta harufa nawa suka ɓace. Ga yadda nawa ya fito:

Alkama mudu 1 a barza
Mai gongoni [1 ko 7] a mur[...]
Nono ludayi [2 ko 3]
A rufe kwana 2
Kanwa ta sisi
K[harufa uku ko huɗu] kadan
Sukari gongoni 4
Lemun tsami 2

Wannan kwafin ki adana shi da sunansa daban, kada ki ƙara taɓa shi. Duk gyaran da za ki yi a wani sabon kwafi za ki yi. Na nace a kan wannan ne saboda na ga yadda zato yake zama gaskiya cikin kwana biyu. Ka rubuta 3 yau da shakka, gobe ka karanta ta a allo tsaf da baƙin rubutu, jibi ka rantse haka Kaka ta rubuta.

Ki nemo mazubin, ba sunan mazubin ba

Mudu ba awo ɗaya ba ne. Na wannan gari daban da na wancan, ko cikin kasuwa ɗaya ma na mai shinkafa ba lalle ya yi daidai da na mai gero ba, ga kuma bambancin a shafe baki ko a yi masa tozo. Saboda haka "mudu 1" bai gaya miki komai ba sai kin san wane mudu. Mu mun yi sa'a, mudun Kaka na nan a wajen Goggo, ƙanwar mahaifinmu, da ludayinta na duma wanda bakinsa ya ɗan tsage.

Na je da ƙaramin sikelin kicin. Na ce, "Goggo, ki auna mini alkama yadda Kaka take aunawa." Ban ce ta cika ko ta shafe ba, na bar hannunta ya tuna. Ta ɗebo ta yi masa tozo har yana zuba. Muka auna sau uku, ya tsaya wajen kilo 1 da giram 200. Da gwangwanin madara kuma ya ba mu takwas masu tozo. Gwangwanin da Kaka ke nufi shi ne ƙaramin na madarar ruwa, mai giram 170 a jikinsa, wanda yake cin ruwa kusan mililita 160. A lura, giram 170 ɗin nauyin madarar ne, ba nauyin duk abin da aka zuba a ciki ba. Mai ya fi madara sauƙin nauyi, gwangwani ɗaya na man gyaɗa bai wuce giram 145 zuwa 150 ba. Ludayin kuma na cika shi da ruwa na juye a kofin awo, ya ba ni mililita 200.

Idan mazubin ya ɓata, ki nemi irinsa a gidan tsararta a unguwar da ta zauna, ki rubuta a takardarki cewa na aro ne.

Ɗaya ce ko bakwai?

Nan muka fi daɗewa. Lambar da ke gaban "gongoni" sanda ce tsaye da ɗan ƙugiya a kai, daidai inda mai ya ɗiga. Yayata ta ce bakwai ce. Na so in yi mata dariya, sai na yi lissafi na ga ba maganar banza ta yi ba. Gwangwani bakwai lita ɗaya ne da ɗan ɗori, wato mililita 1,120, kuma wannan daidai man da za a zuba a kasko a soya alkakin mudu guda ne. Ke nan duka biyun suna da ma'ana: ɗaya idan man murzawa ne, bakwai idan man suya ne.

Hanya uku na bi, kuma ina ba da shawarar a bi su a jere haka. Ta farko, hannun mai rubutun. Ki nemi wani wuri da ta rubuta lambar da babu shakka a kanta. A lissafin adashin da ke bayan kwalin akwai 7 har sau biyu, kuma duka biyun ta ja musu ɗan layi a tsakiya. Lambar da muke gardama a kai ba ta da wannan layin, ko da tocila kwarinsa bai fito ba. Sannan 1 ɗin da ke layin alkama ita ma tana da wannan ɗan ƙugiyar a kai.

Ta biyu, kalmomin da ke kewaye. Bayan lambar akwai "a mur" sannan ninki ya cinye sauran. Murza ke nan. Mai yin alkaki ta san ana murza barzajjiyar alkama da mai kafin a sa mata ruwa, har kowane tsaki ya sha. Ba a murza man suya. Kuma matan zamaninsu da kwalba suke auna man suya, ba da gwangwani ba.

Ta uku, hankalin girkin kansa. Giram 145 na mai a kan giram 1,200 na alkama kusan kashi goma sha biyu cikin ɗari ne, abin da zai sa alkaki ya yi gautsi ba tare da ya wargaje ba. Lita guda a cikin wannan alkamar kuwa kunu za ta zama. Da hujjoji ukun suka haɗu wuri guda, na rubuta 1. Da biyu sun ce ɗaya, guda ta ce bakwai, da sai na kai maganar kasko.

Abin da takarda ta kasa, kasko ya raba

Nonon ne ya kai mu kasko. Cikin lambar ya goge, saura ƙugiyar sama, wadda 2 da 3 duk suna da ita. Na tambayi Goggo, na kuma tambayi Inna, matar yayan babanmu da ta zauna gida ɗaya da Kaka shekaru masu yawa, kowacce ita kaɗai. Kada ki haɗa su wuri guda, ƙaramar za ta bi bakin babbar don kunya. Kada kuma ki ce "uku ne ko?" domin za a ce miki "ƙwarai, uku ne" don a faranta miki. Cewa na yi, "Inna, in ta gama kwaɓawa, yaya yake a hannu?" Ta dunƙule hannunta ta ce, "Ki dunƙula ya tsaya, ki danna da yatsa ya shiga ba ya kama ki." Goggo kuma ta ce ya fi kwaɓin cincin tauri kaɗan. Babu wadda ta ba ni lamba, amma sun ba ni abin da ya fi lamba amfani, wato alamar da zan duba.

Gwaji ba a yin sa da mudu guda, asara ce. Na raba komai huɗu: alkama giram 300, mai mililita 40. Na yi kwano biyu a rana ɗaya, da alkama ɗaya da nono ɗaya, abin da ya bambanta su kawai yawan nonon. Kwanon farko mililita 100, wato kwatan ludayi biyu. Na biyu mililita 150, kwatan ludayi uku. Idan kika canja abu biyu lokaci guda, in ya lalace ba za ki san wanne ya jawo ba.

A daren farko kwanon mai 150 ya yi kamar ya yi ruwa, har na fara karkata ga biyu. Da safe labari ya sauya. Barzajjiyar alkama ba kamar fulawa ba ce, a hankali take shan ruwa, tsakin yana kumbura cikin dare. Mai 100 ya bushe, in na dunƙula sai ya tsage, da na zo naɗe shi sai ya kakkarye. Mai 150 kuwa ya tsaya yadda Inna ta kwatanta. Uku ke nan. Amma na ƙara bayani a gefe cewa nonon da na yi aiki da shi tsala ne mai ruwa-ruwa da tsami sosai, irin wanda Fulani ke kawowa. Wadda ta samu kindirmo mai kauri sai ta sirka shi da ruwa kafin ta auna, in ba haka ba ludayi ukun ba za su isa ba.

"Kwana 2" a bayyane yake a takardar, duk da haka sai da ya nemi bayani. Goggo ta tuna cewa garar da aka rubuta kwalin dominta cikin hunturu aka yi ta. Kwaɓin da ya kwana biyu cikin sanyin Disamba ya yi tsami daidai, cikin zafin Afrilu kwana ɗaya ya ishe shi, in ya kai biyu sai ya wuce gona da iri. Na bar 2 ɗinta a wurinta, na rubuta wannan a ƙasa.

Kanwa ta sisi

Wannan layin ya fito sarai, kuma shi ne mafi wuya, don kuɗi ta rubuta ba awo ba. Sisi rabin sule ne a kuɗin fam. An sauya zuwa naira a Janairun 1973, amma mutane sun ci gaba da kiran kwabo biyar sisi, saboda haka kalmar ba ta nuna shekarar da aka yi rubutun. Ko da ta nuna, babu lissafin da zai gaya miki girman ɓarin kanwar da mai koli ya ba ta a ranar. Kada ki ɓata lokaci wajen juya tsohon kuɗi zuwa na yau. Kuma abin da aka sayo ba shi ne abin da aka zuba ba, jiƙa ta ake yi a tsiyaye ruwan sama.

Abin yi shi ne a tambayi aikin da kanwar take yi a cikin girkin. Kwaɓin ya kwana ya yi tsami, kanwa ce ke kashe tsamin, haɗuwarsu kuma tana fitar da iskar da ke sa alkaki ya buɗe ya yi sauƙin tauna. To sai a auna ta da aikinta. Na daka ungurnu giram 10, na jiƙa a ruwa mililita 100 ya kwana, na tace. Na riƙa zuba ƙaramin cokali ɗaya a kwaɓin kwata, in murza sosai, in yanki ɗan ƙarami in soya in ɗanɗana. A cokali ɗaya, tauri da tsami. A biyu, ya fara saki. A uku, tsamin ya koma ɗan kaɗan mai daɗi, cikinsa ya buɗe. Na ware wani ɗan guntu na kai shi har biyar don in ga iyakar abin: ya yi rawaya tun kafin ya shiga mai, ya yi duhu da wuri a kasko alhali cikinsa bai soyu ba, a baki kuma ɗanɗanon sabulu.

Ƙaramin cokali uku a kwata, goma sha biyu ke nan a mudu, wato babban cokali huɗu na wannan jiƙon. Na rubuta haka, na kuma rubuta cewa kanwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne, a fara da rabi a soya ɗan gwaji. Duk abin da ba a iya cirewa in ya shiga, irin kanwa da gishiri da yaji, zatonki ya fara daga ƙasa.

Sukari da lemon tsami ba su ba da wahala ba. Gwangwani huɗu a dafa da ruwa har ya fara yin zare tsakanin yatsu biyu, a matse lemon don kada ya koma ƙanƙara, a tsoma alkakin da ɗuminsa.

Kwafi na biyu, wanda za a shiga kicin da shi

Yanzu ne za ki rubuta girkin sosai. Kowane layi ki fara da kalmar mai takardar, sannan awon zamani, sannan ki faɗi daga ina kika samo. Ni alama uku na yi amfani da su: "rubutunta", "daga bakin Goggo ko Inna", da "gwajina". Layin nono, misali, ya zama haka: nono ludayi 3, mililita 600, lambar ta goge, an zaɓi 3 bayan gwaji. Matakan da Kaka ba ta rubuta ba don a wajenta kowa ya sani, kamar yadda ake naɗewa da cewa a soya da wuta kaɗan don cikin ya soyu, na ƙara su da sunan wadda ta gaya mini.

A wannan kwafin ne za ki gyara rubutu, "gongoni" ya koma gwangwani, "kadan" ya koma kaɗan. A waya, ki ƙara Hausa cikin harsunan allon rubutu, harufa masu lanƙwasa za su samu. A Word na kwamfuta kuma ki buga lambar harafin ki danna Alt da X tare:

```
U+0199  Alt+X  ƙ
U+0257  Alt+X  ɗ
U+0253  Alt+X  ɓ
```

Ki kula da wannan, domin kanwa da ƙanwa lanƙwasa ɗaya ce tsakaninsu. Ki haɗa hoton kwalin da kwafin farko da na biyu a fayil ɗaya, ki mayar da shi PDF kafin ki tura wa dangi, don kada wani ya gyara lamba a hanya. Ki buga a takarda ko guda biyu ne. Kwalin asali kuma ki shimfiɗa shi ba ninki cikin farar takarda, a ambulan, nesa da kicin da rana da danshin damina.

Layi na shida har yau yana nan yadda na same shi. K ce babba, sai fari fat inda ninki biyu suka haɗu, sai "kadan". Kanumfari ya yi tsawo ga gurbin. Kimba ta shiga daidai, amma Inna ta ce ba ta taɓa ganin Kaka ta sa kimba a alkaki ba. Yayata ta ce ƙwai ne, sai dai ba a cewa ƙwai kaɗan, ƙirga shi ake yi. Babu hujja biyu da suka haɗu, don haka ban cike ba, na buga K da ɗigo-ɗigonta na rubuta zato ukun a ƙasa.

Ranar da na yi cikakken mudu na kai wa Goggo a langa. Ta ɓalli ɗaya, ta duba cikinsa, ta tauna a hankali ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Gautsin nata ne. Tsamin ma nata ne." Ta sake ɗaukar wani ta kai hanci ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta ce akwai wani ƙamshi da ke tashi in Kaka ta buɗe kwalla, wanda babu shi a nan, amma sunan abin ya ƙi zuwa mata. Ta ce in bar mata kwafi ɗaya a ƙarƙashin matashi, in ya faɗo mata za ta aiko yaro.